Maruru: Yaushe Ake Jira, Yaushe Ake Zuwa Asibiti



Daga watan Maris zuwa Mayu, idan bazara ta kankama, gumi ya yi yawa, da wuya a shiga gida a ƙasar Rano da Kibiya ba a sami mai maruru ba, ko a hamata, ko a mazaunai, ko a ƙeya. Abin da kowa ya saba faɗa shi ne, "Bari ya nuna a matse shi." Rabin farko na maganar nan daidai ne. Rabi na biyu ne ya tara mu yau.

Maruru yana farawa ne daga tushen gashi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Sitafilokokus da ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Wani likitan tiyata na ƙasar Sikotilan, Alexander Ogston, shi ya bayyana ta a cikin mugunya a shekarar 1880. Idan ta sami kafa, ta wurin susa ko aski ko gogar tufafi a jiki mai gumi, sai ta shige ƙarƙashin fata. Jiki kuma sai ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta. Mugunyar da muke gani gawarwakin wannan yaƙi ne, haɗe da ƙwayoyin cuta masu rai. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, jiki yana kewaye wurin da wani bango na nama don kada cutar ta tsallaka.

To, mai matsa maruru wannan bango yake takurawa. Ku ɗauki ledar ruwa da ba a huda ba, ku matse ta da ƙarfi: ba inda kuke so za ta fashe ba, inda ta fi rauni ne. Fatar sama tana da kauri, naman ƙasa kuwa laushi gare shi. Saboda haka sau da yawa ɗan abin da ya fito waje kaɗan ne, sauran an tura shi ciki, cikin naman da lafiyarsa ƙalau, wani lokaci har cikin jini. Kashegari sai a ga kumburin ya faɗaɗa, wurin ya ɗauki zafi, kaluluwa ta fito a matsematsi ko hamata, zazzaɓi ya rufe mutum.

Akwai wurin da matsa ta fi haɗari, wato daga karan hanci zuwa kusurwoyin baki biyu. Jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa wata babbar magudanar jini a bayan idanu, cikin ƙoƙon kai. Ƙurjin cikin hanci ko na leɓen sama da aka matse yana iya kai cuta can. Ba kullum hakan ke faruwa ba, amma idan ya faru, da ciwon kai mai tsanani da kumburin ido, magana ce ta rai. 'Yan mata da samari masu matse ƙurajen fuska a gaban madubi, da ku nake.

Ƙaramin maruru, wanda bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, a jikin mai lafiya, yawanci ba ya buƙatar asibiti. A jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, a ɗora na minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana. Ɗumin yana ƙara gudun jini, yana sa ya yi baki ya fashe da kansa, galibi cikin mako ɗaya ko biyu. Idan ya fashe a wanke da sabulu, a rufe da bandeji, a wanke hannu, kuma kada a yi tarayya a tawul ko soso ko reza.

Yanzu mu ɗauki misalin wani manomi a wajen Tarai, mai shekara 45, da kumburi a mazaunai. Ya je kemis ya sayi kafso, ya sha na kwana biyu ya daina. Ƙaninsa ya matse masa, jini ya fito da mugunya kaɗan. Bayan kwana uku kumburin ya kai girman lemon zaƙi, zama ya gagara, yana rawar sanyi da dare. Me ya sa kafson bai yi aiki ba? Domin magani ta jini yake tafiya, cikin aljihun mugunya kuwa babu jijiyar jini. Maganin yana isa bakin bango ne ya tsaya. Shi ya sa idan mugunya ta taru da yawa, maganinta na farko a buɗe mata hanya.

Idan aka kawo shi Babban Asibitin Rano, ma'aikaci zai fara taɓa wurin da yatsu biyu. Idan tsakiyar ta yi laushi, ana jin ruwa yana motsi, lokacin tsagawa ya yi. Idan har yanzu da tauri kamar dutse, tsagawa ba za ta fitar da komai ba, sai a jinkirta. Za a goge wurin da aidin, a yi allurar kashe zafi, a tsaga da sabuwar wuƙar tiyata daidai inda ya fi laushi. Sannan a sa ɗan ƙarfe mai baki biyu a buɗe ƙananan ɗakunan da ke ciki, domin babban kumburi sau da yawa ba ɗaki ɗaya ba ne. A wanke da ruwan gishiri na asibiti, wani lokaci a cusa ɗan bandeji don kada bakin ya rufe da wuri, kuma ba a ɗinkewa. Sai ya dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a duba. Tun da shi yana da zazzaɓi, za a haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya shanye duka. Kuma za a ɗiga jininsa a gwada suga, don maruru mai girma ko mai yawan dawowa yakan zama abin da ke fara tona ciwon suga.

Na san za a ce ai wanzamai sun daɗe suna sakiya. Gaskiya ne, kuma fahimtarsu cewa mugunya sai ta fita daidai ce. Inda gizo ke saƙa shi ne ba kowane kumburi ne maruru ba. Ƙullutu a matsematsi yana iya zama ƙaba, hanji ne a ciki. Kumburin wuya marar zafi da ya daɗe yana iya zama tarin fuka na kaluluwa. A wuya da hamata da matsematsi kuma manyan jijiyoyin jini na kwance kusa da fata. Ga aska da ta taɓa jinin wani, tana iya ɗauko ciwon hanta.

Saboda haka, kada a jira idan kumburi ya kai girman ƙwan kaza, ko yana ƙaruwa da sauri, ko ya zo da zazzaɓi, ko yana fuska, ko kusa da dubura. Haka idan a jikin jariri ne, ko mai ciwon suga, ko nonon mai shayarwa, ko inda allura ta kwanta. Wanda ya yi mako biyu bai fashe ba shi ma a kawo shi. Idan ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin mazaɓa, za a tura Rano, idan ya fi ƙarfin Rano, akwai Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano.

Roƙona ga masu kemis da wanzamanmu na Rano da Kibiya: idan aka zo muku da irin waɗannan, don Allah ku turo su asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.