KAYA ƊAYA, MASU SAYE BIYU: JAWABI GA 'YAN'UWA MASU SHAGUNA

 

An nemi mu yi magana a kan wata rigima da kan kai mu gaban shugabannin kasuwa, wato a sayar wa mutum biyu kaya ɗaya. Galibi ba cuta aka yi nufi ba. To amma wanda ya biya kuɗin mota ya zo ya tarar babu kaya, ba zai tsaya sauraron niyyarmu ba. Mu kuwa da muke zaune a garin wasu, amana ita ce jarinmu, in ɗayanmu ya yi haka, sai a ce halin Hausawa ne.

Bari mu ɗauki misali. A ce injin markaɗe ɗaya ya rage a shago. Da ƙarfe 10:00 maigida yana tasha wajen sauke kaya, sai wata mata ta kira shi. Ya duba wayarsa ya ga lissafin safe ya nuna saura ɗaya, suka yi ciniki, ya sallama, ta ce za ta tura kuɗi. Da ƙarfe 10:05 wani ya shigo shago, yaro ya duba ya ga inji a ajiye, shi ma ya sallama, ya yanke rasit. Da ƙarfe 10:20 kuɗin matar suka shigo. Yanzu kuɗi biyu ke hannu, inji ɗaya ne, kuma ya riga ya fita.

Jama'a, ku lura da kyau, a cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Maigida ya ga ɗaya, yaro ya ga ɗaya, kuma a lokacin ɗayan ne. Ɓarnar ta shiga ne a tsakanin dubawa da rubutawa. Maigida ya yi alkawari, amma alkawarin yana cikin kansa, bai shiga littafi ba. Duk tsawon lokacin da alkawari ya yi bai shiga littafi ba, ƙofa a buɗe take.

Maganin shi ne mu daina riƙe lissafi ɗaya, mu riƙe uku. Na farko, abin da ke ƙasa, wanda za a iya ƙirgawa a sito. Na biyu, abin da aka ajiye wa wani, wato an sallama amma ba a ɗauka ba. Na uku, abin da ya rage na sayarwa, shi ne na farko a debe na biyu. A ce buhun wake 12 ne a sito, an ajiye wa wani 5, wata kuma 3. Ido yana ganin 12, amma na sayarwa 4 ne kacal. In wani ya zo neman 6, amsa ita ce 4 muke da su. Ranar da mai 5 ya ɗauki nasa, na ƙasa ya koma 7, na ajiya ya koma 3, na sayarwa yana nan 4. In kuka ga ɗaukar kayan ajiya ta canza na ukun, to an yi kuskure a rubutu.

Sai dai lissafin ba zai yi amfani ba sai da sharaɗi biyu. Littafin ya zama ɗaya, a hannun mutum ɗaya. Kuma a rubuta kafin a sallama, ba bayan an sallama ba. A misalinmu, da maigida ya ce wa matar ta dakata, ya kira yaro ya ce a rubuta mata injin a ɗaura masa takarda, yaro ya amsa cewa an rubuta, sa'an nan ya sallama, da mai zuwa 10:05 ya tarar da kaya mai suna a jiki. Minti ɗaya ke nan, ya hana shari'ar wuni guda.

Haka abin yake ga 'ya'yanmu masu sayarwa ta intanet, sai ma ya fi sauri. Mutum biyu za su iya danna saye a cikin daƙiƙa ɗaya. In na'ura tana dubawa da farko, sa'an nan ta dawo ta rage, to kowannensu za ta gaya masa akwai, daga baya lissafi ya nuna saura ƙasa da sifiri. Tsarin kirki yana haɗa dubawa da ragewa su zama umarni ɗaya: a rage ɗaya in har akwai ɗaya. Wanda ya riga shiga ya samu, na biyun a ce masa ya ƙare tun kafin ya biya. Duk mai sayen irin wannan tsari ya sa a gwada a gabansa: a bar kaya ɗaya, a danna daga waya biyu lokaci guda, a ga abin da zai faru. In kuma ana sayar da kayan a shago da intanet gaba ɗaya, a ware na ƙarshe ɗaya ko biyu kada a nuna su a intanet, domin lissafin wuri biyu bai cika tafiya tare ba.

To, ajiya ita ma tana da nata haɗari. Mutum zai ce a ajiye masa, ya tafi kwana 4 babu labari, mu kuma mun kori masu kuɗi a hannu. Saboda haka kowace ajiya ta kasance da wa'adi. A intanet 'yan mintoci ake bayarwa daga lokacin da mutum ya fara biya, in bai biya ba kaya su koma kasuwa. A shago sai mu bambanta. Ajiyar baki, zuwa tashin kasuwa na ranar. Wanda ya ba da kafin alƙalami, sai a yi masa kwanaki gwargwadon yadda aka daidaita, a rubuta ranar a jikin rasit, a kuma faɗi tun farko abin da za a yi da kuɗinsa in bai dawo ba. Kayan gwari irin su tumatir da tattasai ba su jure ajiya mai tsawo, wa'adinsu na awoyi ne.

Akwai inda ko an kiyaye sai an yi karo. Wa'adi ya cika ƙarfe 4:00, an sayar wa wani 4:10, kuɗin na farko suka shigo 4:30 saboda jinkirin banki. A nan kaya na wanda ya saya bayan wa'adi ne. Na farkon a kira shi nan take, kada a bari ya taso. A ba shi zaɓi, ko a mayar masa da kuɗinsa cif a ranar, ko ya jira sabon kaya a kan farashin da aka sallama masa. Kada mu riƙe kuɗin mutum muna cewa kaya na hanya alhali ba mu san ranar zuwansu ba. Kuma hoton rasit da aka turo ta waya ba kuɗi ba ne, sai mun gani a asusunmu.

Daga ƙarshe, kowace yamma kafin a rufe, a ƙirga na ƙasa a gwada da littafi, a soke duk ajiyar da wa'adinta ya wuce. In na ajiya ya fi na ƙasa yawa, to an riga an sayar wa mutum biyu kaya ɗaya, gara a gano yau a kira mai shi, da a gano gobe yana tsaye a ƙofar shago da mai ɗauko.

 Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.