Ruwa Iri Biyu: Mai Tsayawa da Mai Haihuwa

Yau darasinmu na lissafi ne, kuma lissafin kuɗi. Kowa ya ɗauko allonsa, ko littafinsa da fensir, mu yi tare.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya ke bin kwata zuwa gonakin Kura da Bunkure, mutanen ƙasar nan suka kama noman rani. Mu ma nan Dawakin Kudu da yawanmu muna taɓawa. In an sayar da tumatir, ko albasa, ko shinkafa, kuɗi su kan shigo hannu a lokaci guda. Wani ya sayi dabba, wani ya zuba adashi, wani ya kai banki. Wanda ya kai banki a kan ce masa za a ƙara masa kuɗin ruwa. To, ruwan nan iri biyu ne, ya kamata kowa ya san bambancinsu.

Da farko ku riƙe kalmomi biyu. Kuɗin da ka ajiye da hannunka su ne uwar kuɗi. Abin da a ke ƙara maka a kai shi ne ruwa. In an ce ruwa goma bisa ɗari a shekara, watau kowace naira 100 za ta jawo naira 10. Naira 1,000 ta jawo 100. Naira 10,000 ta jawo 1,000. Goma ɗin nan misali ne don sauƙin lissafi, kowane banki da nasa.

Ga misalinmu. A ce wa da ƙane sun sayar da tumatir, kowa ya ware naira 10,000 ya ajiye har shekara 3, a kan goma bisa ɗari.

Mu fara da wan. Shi an ce masa a kan uwar kuɗi kaɗai za a riƙa yi masa lissafi. Shekarar fari ruwansa 1,000. Shekara ta biyu 1,000. Shekara ta uku ma 1,000. Ruwa ya tashi 3,000. In an haɗa da uwa, yana da naira 13,000. Kun ga ruwan bai ƙaru ba, bai ragu ba. Wannan shi za mu kira ruwa mai tsayawa.

Sai ƙanen. Shi an ce masa kowace shekara za a zuba ruwan cikin uwa, su zama ɗaya. Shekarar fari ruwansa 1,000, daidai da na wansa. Amma da aka haɗa, uwa ta zama 11,000.

Shekara ta biyu ba a kan 10,000 za a yi lissafi ba, a kan 11,000 ne. Goma bisa ɗari na 11,000 shi ne 1,100. Ina ɗarin nan ta fito? Ruwan bara ne, watau 1,000 ɗin nan, shi ma ya jawo nasa. Uwa ta zama 12,100.

Shekara ta uku a kan 12,100 za a yi. Goma bisa ɗarinsu 1,210. In an haɗa, ƙane yana da naira 13,310. Wannan shi za mu kira ruwa mai haihuwa.

Yanzu ku ɗebe na wan daga na ƙanen. 13,310 a fid da 13,000, saura 310. Wannan shi ne bambancinsu cikin shekara 3: babu kome a ta fari, 100 a ta biyu, 210 a ta uku.

Abin kamar kiwon akuya ne. Wani duk sa'ad da akuyarsa ta haihu sai ya kai ɗan kasuwa. Kullum akuya ɗaya ce ke yi masa haihuwa. Wani kuwa ya kan bar 'ya'yan su girma, su ma su haihu. Da fari garken biyu kamar ɗaya su ke. Sai an daɗe a ke ganin rata.

Na ji wani can baya yana cewa, "Malam, ai naira 310 ba kuɗi ba ne." Gaskiyarka, baba. A shekara 3 ba su taka kara sun karya ba. Amma da za a bar kuɗin nan shekara 10, wan zai sami 20,000, ƙanen ya sami wajen 25,900. Tsawon lokaci shi ne abincin ruwa mai haihuwa.

Yaya mutum zai gane irin wanda a ke yi masa? Ya dubi takardar ajiyarsa, ko saƙon da banki ke aiko masa ta waya. In bai sa ba, bai cire ba, kuma ba a sake yawan ruwan ba, ya gwama na bana da na bara. In daidai su ke, mai tsayawa ne. In na bana ya ɗara, mai haihuwa ne. Ku lura kuma, wanda ya ke zuwa duk shekara ya kwashe ruwansa, ya mai da mai haihuwa mai tsayawa ke nan da hannunsa. Ya sayar da ɗan akuya.

Akwai abu biyu da kan rage wannan ƙari. Na ɗaya, banki ya kan yanki ladan wasu ayyukansa daga cikin ajiya, don haka ku tambaya tun da wuri. Na biyu, tsadar kaya. A 2024 farashin kaya a Nijeriya ya hau fiye da talatin bisa ɗari cikin shekara guda. A shekara irin wannan, wanda aka ƙara wa goma bisa ɗari kuɗinsa sun ƙaru a takarda, amma takin da za su saya ya ragu.

Yanzu ga inda lissafin nan ya fi ciwo, watau wajen bashi. A ce mutum ya ranci naira 10,000 don taki da man injin ban ruwa, a kan goma bisa ɗari, amma a wata, ba a shekara ba. Ya sa rai zai biya in tumatir ya nuna. Sai kasuwa ta faɗi, ko tsutsa ta shiga gona, bai biya kome ba har wata 12. In ruwan mai tsayawa ne, ana binsa 22,000. In mai haihuwa ne, ana binsa fiye da 31,000. Irin wannan bashi ne kan sa mutum ya jinginar da gonarsa.

Saboda haka kada ka sa hannu, ko ka dangwala yatsa, sai ka yi tambaya uku. Nawa ne bisa ɗari? A wata ne, ko a shekara? Ruwan yana komawa cikin uwa, ko ba ya komawa? A sa amsar a rubuce, ka karanta da kanka.

Na san abin da ke ran da yawanku. Musulunci ya haramta cin riba, kuma hukuncin wannan sai ku koma wurin malamanmu. Akwai bankunan da ba sa aiki da ruwa, kamar bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, har da reshe a Kano. Ni dai lissafi na koya muku, don wanda ba ya karɓar ruwa ma ana iya ɗora masa shi bai sani ba.

Ga aikin gida. Wata mata ta ajiye naira 5,000 har shekara 3, a kan goma bisa ɗari a shekara. Ku fid da abin da za ta samu ta hanyar fari, sa'an nan ta hanya ta biyu, shekara bi shekara. In bambancin da kuka samu 155 ne, kun yi daidai. In ba shi ba ne, ku sake duba shekara ta biyu, nan ne a ka fi yin tuntuɓe.

Allah ya kai mu aji na gaba lafiya. Wassalam.