Dalilin da Ya Sa Dokar Fawa Ba Ta Tsaya Kan Cikakkun Lambobi Ba

Duk wanda ya fara karatun kalkulas ya haddace dokar fawa: idan y = x^n, saurin canjinsa shi ne dy/dx = n·x^(n−1). Hujjar da aka saba kawowa a aji ita ce a buɗe baka. A ɗauki (x + h)^3, a ninka, a samu x^3 + 3x^2·h + 3x·h^2 + h^3, a cire x^3, a raba da h, a bar h ya doshi sifili, sai 3x^2 ya rage. Wannan 3 ɗin daga ƙirga ya fito: baka uku ne, kowanne ya ba da h sau ɗaya. To amma babu mai iya jera rabin baka, balle baka −1. Duk da haka, washegari sai a ba ɗalibi √x da 1/x a ce ya yi aiki da dokar nan, ya yi, amsa kuma ta fito daidai. Abin da nake son nunawa shi ne wannan ba dace ba ne. Dokar ba a kan ƙirga baka ta tsaya ba, a kan yadda ninki ke tara ƙananan canje-canje ta tsaya.

Mu fara da sake wa dokar fuska. Idan aka raba ɓangarorin biyu da y, aka gyara, za a samu dy/y = n·(dx/x). Wato idan x ya ƙaru da ɗan ƙaramin kaso na kansa, x^n zai ƙaru da wannan kason sau n. Ku ɗauki fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. A ƙara mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi. Girman filin ya tashi daga murabba'in mita 10,000 zuwa 10,201. Ƙarin 201 ɗin kashi uku ne: zirin 100 a gefe guda, zirin 100 a ɗaya gefen, da ɗan lungu na 1 inda suka haɗu. Lungun nan shi ne abin lura. Da santimita 10 aka ƙara maimakon mita 1, kowane ziri zai koma 10, lungun kuwa ya koma 0.01, zirin ya ragu sau goma, lungun ya ragu sau ɗari. Saboda haka idan ƙarin ya doshi sifili, lungun ba ya shiga lissafi, abin da ya rage shi ne: idan an ninka abu biyu, kason canjin sakamakon shi ne na farkon a tara da na biyun. Wannan ita ce dokar ninki, kuma ba ta tambayi ko fawa cikakkiya ce ba.

Yanzu fawa mai alamar ɗebewa. Ma'anar x^(−1) ita ce lambar da idan aka ninka ta da x za a samu 1. Shi kuwa 1 ba ya motsi, kason canjinsa sifili ne. Tunda kason x da na x^(−1) dole su taru su ba da sifili, duk kason da x ya hau, x^(−1) zai sauka da irinsa. A filinmu, a ce girma ya tsaya a 10,000 amma tsawo ya koma 101: faɗi zai zama kusan 99.01, ya ragu da kusan kashi 1 cikin 100. Ga n = −1 nan ya fito da kansa, kuma a rubuce saurin canjin 1/x shi ne −1/x^2. Haka x^(−2) yake: abokin ninkinsa x^2 yana hawa da kaso biyu, shi dole ya sauka da biyu.

Na gutsuren lamba ma hanyar ɗaya ce. Idan y = √x, to y·y = x, don haka kason y sau biyu shi ne kason x, wato y na ɗaukar rabi. Idan girman fili mai gefe daidai ya tashi daga 10,000 zuwa 10,100, gefensa zai tashi daga 100 zuwa kusan 100.499, doka ta yi hasashen ƙarin 0.5. Ga kowace fawa p/q kuwa, y^q = x^p, sai q sau kason y ya zama p sau kason x. Mu gwada 3/2: x daga 100 zuwa 101, y daga 1,000 zuwa kusan 1,015.04, doka kuma ta ce 15.

Mai kaifin basira zai ce: ka ɗauka tun farko cewa √x yana da saurin canji, sannan ka lissafa shi; ina ka tabbatar da samuwarsa? Ƙorafin na da tushe, kuma ba a kauce masa da zance. A ɗauki (√(x+h) − √x)/h, a ninka sama da ƙasa da √(x+h) + √x. Sama zai zama h, ya tafi da h na ƙasa, a bar 1/(√(x+h) + √x). Idan h ya doshi sifili, wannan na dosar 1/(2√x), ba tare da an ɗauki komai a kan aminci ba. Sauran tushe, na uku da na huɗu har sama, ka'idar juya fanshin ce ke ba su wannan tabbaci, muddin x ya fi sifili.

Wani kuma zai ce ai Newton ya gama maganar tun wajen 1665, da ya faɗaɗa buɗe baka ya haɗa da fawa irin waɗannan, inda jerin ba ya ƙarewa. Ya kuma bayyana shi a wasiƙun da ya aika don Leibniz a 1676. Gaskiya ne jerin yana farawa da x^n + n·x^(n−1)·h. Sai dai a littattafan yau yawanci da jerin Taylor ake tabbatar da shi, shi kuma jerin Taylor na x^n da dokar fawa ake gina shi. Malamin da ya kawo wannan a matsayin hujja ya zagaya ne ya dawo inda ya tashi. Ga fawa irin √2, wadda ba a iya rubuta ta p/q, hanya mai tsabta ita ce x^n = e^(n·ln x), kuma a nan ma ln y = n·ln x maganar kaso ce dai aka sake faɗi.

Hujjar nan ita ce kuma ke nuna iyakar dokar. Mun raba da x, saboda haka a sifili sai an duba daban: 1/x ba shi da ma'ana a can, √x kuwa yana da ƙima amma layinsa a tsaye yake ƙyam, 1/(2√x) na hawa ba iyaka. Ƙasa da sifili, √x babu shi a lambobin gaske, amma x^(1/3) yana nan, kuma a −8 dokar na ba da 1/12. Sharaɗin ƙarshe shi ne n ya zauna wuri guda. Ɗalibai kan rubuta x·2^(x−1) a matsayin saurin canjin 2^x. A gwada x = 10: wannan na ba da 5,120, alhali daga 10 zuwa 11 gaba ɗaya abin da 2^x ya ƙaru da shi 1,024 ne, ga shi kuma saurinsa ƙaruwa yake yi a kan hanya, don haka a 10 dole ya gaza 1,024. Amsar gaskiya ita ce 1,024·ln 2, kusan 710.