Taswira Mai Launi: Kano 44, Bayelsa 8



Maganata a yau a kan irin taswirar nan ce da ake shafa wa kowace jiha launi: inda abu ya yi yawa a duhunta, inda ya yi kaɗan a bar shi da haske. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a gaban irin wannan taswira ido yakan yi kuskuren kima, kuma ina so in nuna muku yadda hakan ke faruwa da misali guda, wanda aka daɗe ana jayayya a kansa a ƙasar nan.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. A ce mun shafa wa kowace jiha launi bisa yawan nata. Kano, mai 44, ita za ta fi kowa duhu. Bayelsa, mai 8 kacal, ta fi kowace jiha haske. Legas, mai 20, tana tsaka-tsaki. Wanda ya dubi wannan taswira zai ce an ba Kano ninki biyar da rabi na abin da aka ba Bayelsa. Ba a kuwa yi masa ƙarya ba, domin lambobin daidai suke. Abin da taswirar ta ɓoye masa shi ne mutum nawa ne ke ƙarƙashin waɗannan hukumomi.

Bari mu ɗauko ƙidayar 2006. Ta ba Kano mutum kimanin miliyan 9.4, Bayelsa miliyan 1.7, Legas miliyan 9.1. Lissafin ba shi da wuya: a raba yawan hukumomin da yawan miliyoyin jama'a, abin da ya fito shi ne rabon kowane mutum miliyan ɗaya. Idan aka raba 44 da 9.4, za a sami 4.7. Idan aka raba 8 da 1.7, nan ma 4.7. Ashe jihohin nan biyu da taswirar farko ta ajiye ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, launi ɗaya ya kamace su! Ƙasar baki ɗaya kuwa, 774 a kan miliyan 140, ta ba da 5.5, wato su biyun duka ba su kai matsakaicin rabo ba. Oshun, mai hukumomi 30 da mutum miliyan 3.4, ta tashi da 8.8, ta koma cikin masu duhu. Legas da muka gani tsaka-tsaki ta faɗo 2.2.

Dalilin ruɗin shi ne, kusan duk abin da mutane ke yi ko yake samunsu, haihuwa ce, mutuwa ce, sata ce, ya fi yawa inda mutane suka fi yawa. Saboda haka taswirar tsurar adadi, ko me aka rubuta a kanta, galibi taswirar yawan jama'a ce ta sake riga. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: in kun ga Kano da Legas sun yi duhu tare a kan kowace magana, ku nemi bayanin launukan a gefe. In ba ku ga an ce "cikin kowane mutum dubu" ko "cikin kowane miliyan" ba, ba a yi rabawar ba.

Amma kada a ɗauka rabawa ta kashe gardama. Amsar tana rataye ne a wuyan lambar da aka raba da ita. Gwamnatin Legas ba ta yarda da ƙidayar 2006 ba, ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. In haka ne, rabonta ya koma kusan 1.1. Taswira kuwa za ta shafa launinta sumul, ba za ta gaya muku ana taƙaddama a kan lambar ba. Haka nan a wurin da mutane ba su da yawa rabo yakan yi tsalle: a ƙauye mai mutum 500, in bara cuta ta kashe mutum ɗaya, bana biyu, rabon ya tashi daga 2 zuwa 4 cikin dubu, sai ƙauyen ya yi baƙi ƙirin saboda mutum guda. Maganin wannan shi ne a haɗa shekaru da dama kafin a raba.

Ku da za ku zauna a ofis, tsurar adadi tana da ranarta. Mai aika magani yana bukatar sanin majiyyata nawa ne, domin kwalabe zai ƙirga. Sai dai a nuna wannan da da'ira babba ko ƙarama a kan kowace jiha, a bar shafa launi ga abin da aka riga aka raba da yawan jama'a.