Ciniki Iri Biyu Ne: Na Rago da Na Mai Inji



Bara gab da Layya na aika yarona da rago kasuwar Dutsin-Ma. Da aka taya, sai ya ce ai kuɗin makaranta muke nema a ranar. Shi ke nan, mai saye ya ƙi ƙara ko sisi. A irin wannan ciniki abu ɗaya ne a tsakani, wato farashi. Duk nairar da ya rage, daga aljihunki ta fita, kuma wataƙila ba za ku sake haɗuwa ba. Ki yanke tun daga gida kuɗin da ba za ki sallama ƙasa da shi ba, ki riƙe a cikinki. In tayi bai kai ba, ki ce albarka.

Na mai injin markaɗen gyaɗarmu kuwa daban ne. Mun daɗe muna jayayya kan kuɗin kwano, har ranar da na tambaye shi, "Malam, me ya fi ci maka rai?" Ashe tayar da inji don kwano biyu ne ke cinye masa mai, ga kuma bashi. Mu kuwa haɗa gyaɗa rana ɗaya bai ɗauke mana komai ba. Muka koma kai ta tare, muna biya hannu da hannu, shi kuma ya yi ragi.

To, kafin ki buɗe baki, ki duba: ban da farashi, akwai wani abin da za a daidaita, kamar lokaci, yawa ko yadda za a biya? Za ku sake hulɗa? In akwai, tambayi damuwarsa, ki faɗi taki. Amma fa da aka zo kan nawa zai rage, sai da muka ja, kuma ban gaya masa iyakarmu ba.