GIWA MAI SHUKA DAJI

Jawabin da sakataren ƙungiyarmu ya yi wa 'yan makaranta masu ƙungiyar kare namun daji, a Marwa



Shugaban makaranta, malamai, da ku 'ya'yana 'yan wannan ƙungiya, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kuka kira ni. An ce in faɗa muku dalilin da ya sa kare giwa yake da amfani ga daji. Wani zai ce, ina ruwan makiyayi da giwa? Amsa ita ce, itacen da muke sassaɓe wa dabba da rani, da inuwar da garke ke kwana, da yawansu ba hannun mutum ya shuka su ba. A cikin masu shukar nan giwa ce babba. To bari mu bi ƙwallon aduwa guda ɗaya, mu ga yadda abin yake.

Kun san aduwa tana nuna da sanyi, ta zubo a gindin uwa. Ƙwallon da ya zauna a gindin nan ba shi da babban rabo. Ɓera da ƙwari sun san wurin, nan suke taruwa. Wuta in ta zo ta same shi a fili. Wanda ma ya tsira, to ya tsira a ƙarƙashin uwar da ta riga shi shan ruwa ta kuma tare masa rana. Saboda haka itace na bukatar wanda zai ɗauke mata 'ya'ya ya kai nesa.

Babbar giwa tana cin abin da ya kai kilo 150 a yini, ciyawa da ganye da ɓawo da 'ya'yan itace. Amma ku lura da wannan, giwa ba ta tuƙa kamar saniya. Cikinta ba ya narkar da ko rabin abin da ta ci. Idan ta haɗiye aduwa, zaƙin nan na baya ne yake tafiya, ƙwallon kuwa sau da yawa ya fito lafiya lau. Yakan yi kwana ɗaya ko biyu a cikinta, ita kuwa tana ta tafiya. A binciken da aka yi a Afirka ta Kudu an gano cewa giwa takan kai iri nisan kilomita da dama, wani lokaci har kilomita 65. Babu wata dabba ta tudu da aka sani tana kai iri nesa kamar haka.

Ba ɗauka kaɗai take yi ba. Inda ta ajiye ƙwallon, ta ajiye shi cikin tulin taki mai laima. Buzuzu ya zo ya mirgina, gara ta zo ta yi aikinta, ƙasar wurin ta yi laushi. Da ruwa ya sauka sai ka ga tsiro ya fito daga cikin tsohon kashi. Giwa ɗaya tana kashi fiye da sau 10 a yini. Ku lissafa garke mai giwa 30, daga farkon sanyi zuwa bazara. Wane manomi ne zai iya wannan shuka?

Na san wani a cikinku zai ce, ai Baba, akuya ma tana yin haka. Gaskiya ne. Akuya tana cin aduwa, ta furzar da ƙwallon a inda take tuƙa. Shanu suna cin 'ya'yan gawo da bagaruwa, shi ya sa tsohon mashekari yake cika da ƙananan gawo. Amma bambanci biyu ne. Na ɗaya, dabbar gida kullum gida take komawa, can take zubar da yawancin iri, giwa kuwa tana watsa shi cikin daji. Na biyu, akwai 'ya'yan da suka fi ƙarfin maƙogwaron akuya. Wa zai haɗiye ƙwallon giginya ya kai shi wani rafi in ba giwa ba? Sawun giwa ya taka na raƙumi. A kurmin kudancin ƙasar nan ma abin ya fi haka, don akwai manyan itatuwa masu manyan 'ya'ya waɗanda kusan giwar kurmi kaɗai ke watsa irinsu.

Yaya za ku gane dajin da ya rasa mai shuka? Ba ranar da giwa ta ƙare ake gani ba, domin manyan itatuwa suna nan tsaye, kowa ya ce daji lafiya. Ku dubi ƙasa. Za ku ga 'ya'ya sun taru a gindi suna ruɓewa, ku yi tafiya mai nisa ba ku ga matashiyar irin wannan itace ba. Kamar garke ne da babu maruƙa a cikinsa. Yau ya cika ido, amma duk makiyayi ya san ƙarshensa.

Aiki na biyu da giwa ke yi shi ne buɗe daji. Tana karya ƙaya, tana ture ƙananan itatuwa, sai rana ta kai ƙasa ciyawa ta samu hanya. Inda ƙaya ta haɗe ta rufe, ba barewa ba saniya, babu mai samun abinci. Tafarkin da take bi shekara da shekaru shi ne sauran namun daji ke bi zuwa ruwa. A busasshen rafi kuma takan tona yashi da ƙafa da haure har ta kai ga ruwa, in ta tafi wasu su sha.

Yanzu kuma in faɗa muku ɗaya gefen, don kada ku fita nan da rabin magana. Giwar nan mai shuka ita ce kuma mai ɓarna, idan aka matse ta wuri guda. Misalin yana nan kusa da mu, a gandun dajin Waza.

Waza tana da faɗin hekta 170,000, an mai da ita gandun ƙasa a 1968. Gabashinta fadama ce, wadda muke kira yayre, inda ruwan kogin Logon ke malala kowace shekara. Ruwan in ya janye sai ya bar ɗanyar ciyawa da tafkuna, namun daji da shanunmu duk su ci rani a kai. A 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga domin noman shinkafa, tare da ganuwa a bakin kogi. Ga kuma fari na waɗannan shekaru. Ambaliya ta ragu ƙwarai, ciyawa mai daɗewa ta mutu a wurare da yawa, ciyawar damina ɗaya ta maye gurbinta, tafkuna suna ƙafewa da wuri.

To giwa, wadda ke shan ruwa fiye da lita 100 a yini, me za ta yi? A farkon shekarun 1990 an ƙiyasta giwayen Waza sun kai wajen 1,000. Waɗanda suka zauna da rani sai suka taru a 'yan tafkunan da suka rage, suka faɗa wa dajin dushe da ke kewaye, suna karya rassa suna saɓe ɓawo. Waɗansu suna yin arewa da rani zuwa Kalamalue kusa da Kusiri, ƙaramin gandu ne da bai kai hekta 5,000 ba, nauyinsu ya yi masa yawa. Waɗansu kuma da damina suka riƙa yin kudu wajen Mindif da Kayle, suka shiga gonakin dawa, manoma suka yi hasara mai yawa, har da rayuka. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa aka mayar da ambaliya a wani yanki na fadamar, ciyawa kuwa ta fara komawa.

Abin da za ku riƙe daga nan shi ne, giwa ba ta gyara daji sai tana tafiya. In ta ci nan ta wuce, itacen da ta karya ya samu hutu ya toho, irin da ta ɗauka ya sauka a wani wuri. In aka toshe mata hanya, ta ci nan ta koma ta ci nan, irin ma a bakin tafki ɗaya zai zube a tattake shi. Alamar wurin da aka matse ta a fili take: itatuwan da aka saɓe wa ɓawo zagaye guda sun bushe a tsaye, kututture ya yi yawa kusa da ruwa, in ka yi nisa da ruwa kuma ɓarnar ta ragu. Mu makiyayi mun san wannan ciwo. Ku toshe burtali ku tara shanu a rijiya ɗaya, ku ga abin da zai sami wurin. Kare giwa ke nan ba hana harbi kaɗai ba ne, har da bar mata hanyarta da ruwanta, da taimaka wa manomin da gonarsa ke bakin hanyar.

Me ya sa ake jin tsoron harbin haka? Saboda giwa ba ta mayar da hasara da sauri. Cikinta wata 22 ne, ɗa guda take haifa, sai bayan shekara 4 ko 5 ta sake. Saniya kafin nan ta ba ka maruƙa biyu ko uku. A Zakuma ta ƙasar Cadi, giwaye sun fi 4,000 a 2002, mafarautan haure suka mai da su wajen 450 a 2010. An tsaurara tsaro, harbi ya kusan tsayawa, amma bayan shekara 10 ba su kai ko 1,000 ba. A nan ƙasar ma, a farkon 2012 mahaya dawaki da bindigogi sun kashe ɗaruruwa a Buba Njida cikin 'yan makonni. Abin da aka kashe a wata biyu, sai an yi shekaru masu yawa ana jiransa, kuma duk tsawon jiran nan shuka ta tsaya.

Ga aikin da nake so ƙungiyarku ta yi, don ku gani da idonku. Kada kowa ya shiga daji neman giwa, ba abin wasa ba ce, musamman uwa mai ɗa. Malaminku ya roƙi ma'aikatan gandun daji su kawo muku busasshen kashin giwa. Ku jiƙa shi a bokiti, ku tace, ku ware irin da ke ciki, ku ƙirga kowane iri, ku tambayi tsofaffi sunan wanda ba ku sani ba. Sa'an nan ku ɗauki ƙwallon aduwa 20 daga kashin, 20 daga gindin itace, 20 kuma daga makwancin awaki. Ku shuka su layi uku, ƙasa ɗaya, zurfi ɗaya, ban ruwa ɗaya. Kowane mako ku rubuta nawa suka fito a kowane layi, har wata biyu. Wanda kuka ga ƙwaro ya huda, ku rubuta daga inda ya fito. Abin da ya fito shi za ku rubuta, ko da bai zo daidai da zatonku ba, ku wanke hannu da sabulu in kun gama. Tsiron da kuka samu ku dasa su a bakin filin makaranta.

In kun gama ku aiko mana da sakamakon, mu buga shi a wannan jarida tamu, iyayenku na ruga da na kasuwar shanu su ji.

Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.