Littattafan da muka zo da su daga gida, da laimar Greensboro

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan littattafan da muka ɗauko daga gida. Wani Alƙur'ani ne rubutun hannu na kakansa, wani Ishiriniya ce ko Ahalari da aka saya a kasuwar Kurmi, wani kuma tsohon bugun Magana Jari Ce. Abin da nake so mu tafi da shi yau guda ɗaya ne: ajiyar da ta tsare littafi shekara ɗari a Maraɗi ko Kano tana iya kashe shi a bazara ɗaya a nan Greensboro.

Dalili shi ne laima. A gida damina wata huɗu ce ko biyar, sannan hunturu ya zo, laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, duk danshin da takarda ta sha ya fita. Nan kuwa ruwa yana sauka kowane wata, abin da ake samu a shekara ya ninka na Maraɗi, kuma da asubahin Yuli da Agusta laimar waje takan wuce kashi 80. Takarda tana shan laima kamar gishiri. Idan laimar ɗaki ta daɗe sama da kashi 65, fumfuna ta samu wurin zama. Idan kuwa takardar ta jiƙe sosai, kwana biyu zuwa uku sun isa ta fara tsirowa.

Saboda haka abu na farko da za a saya shi ne ma'aunin laima. Ɗan ƙarami ne kamar agogon tebur, ba shi da tsada, sunan da za a rubuta idan ana nemansa shi ne hygrometer. A ajiye shi kusa da littattafan, a riƙa dubawa safe da yamma har mako guda. Abin da ake so shi ne tsakanin kashi 35 da 55, zafi kuma kusan digiri 70 a ma'aunin Amurka, wato 21 a namu. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da gareji da rufin sama duk ba wurin littafi ba ne, haka ma ɗakin ajiyar haya da ba a sanyaya shi. Wurin da mutum yake jin daɗin kwana, nan littafi ma yake so: kabad na cikin gida, nesa da bangon waje da bangon banɗaki, a kan kanta, ba a ƙasa ba.

Bari mu ɗauki misali. Alƙur'ani ne warwara, ba a ɗinke ba, yana cikin tadarishi da gafaka, an zo da shi a akwati an tura ƙarƙashin bene shekara biyu. An buɗe, sai wari irin na rigar da aka naɗe ba ta bushe ba, ga fari-fari kamar auduga a jikin fatar gafaka, ga gefen takardun ya yi lanƙwasa. Me za a yi?

Da farko a sa takunkumin N95 da safar hannu, domin fumfuna tana tayar da asma. A fitar da takardun daga gafakar, a raba su, don fata ita ce take fara kamuwa. Kafin a motsa ko warƙa ɗaya, a ɗauki hoton kowane shafi da waya bi da bi, saboda warwara idan ta hargitse sai mahaddaci ya zauna kafin ta koma daidai. Sannan a shimfiɗa takardun a kan farar takarda mai tsabta a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, fanka tana juyawa amma ba ta bugun su kai tsaye. Yadda ake gane fumfunar ta bushe shi ne ta koma gari. Muddin tana da laushi tana shafuwa, ba a taɓa ta, don gogewa cusa ta yake yi cikin takarda. Idan ta zama gari, a fita waje cikin inuwa ranar da iska take bushe, a kaɗe ta da burushi mai taushi, daga tsakiya zuwa gefe.

Kada a kawo tsumma mai ruwa kusa. Tawadarmu ta zuge da ƙaro ruwa yana narkar da ita, shi ya sa ake wanke allo. Ta bagaruwa da aka haɗa da ƙarfe kuma, idan ta sha laima, cin takarda take yi, za a ga rubutun ya yi inuwa ruwan ƙasa a bayan shafi, daga baya harafin ya huje.

Na san abin da hannunmu ya saba shi ne shanya a rana. Iyayena, a nan a yi haƙuri da wannan. Rana tana kashe jan wasali da rawayen zayyana, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu da yawa a kan takardar tsumma ta Italiya aka yi su, wadda idan aka ɗaga ta ga haske ake ganin jinjirin wata uku, ita tana da ƙarfi. Amma littattafan bugu masu rawayar takarda daga itace aka yi su, haske da zafi suna sa su karyewa kamar busasshen ganye. Shafin da ake so a rataya a falo, a yi hotonsa a rataya, asalin ya zauna cikin duhu.

Sai ƙwari. A gida gara muke tsoro. A nan waɗanda suka fi damun littafi su ne kyankyaso da wani siririn ƙwaro mai launin azurfa da ake gani a banɗaki da dare. Shi kankare fuskar takarda yake yi, ya bar ta kamar an goge rubutun. Ƙananan ramuka zagayayyu da gari a ƙarƙashin littafi kuma aikin tsutsa ne. Ba a fesa maganin ƙwari a kan littafi, ba a turara shi, ba a shafa masa turare mai mai. Littafin bugu da ya bushe sarai ana sa shi a leda mai zif, a fitar da iskar, a ninka da wata ledar, a sa a firiza mai kaiwa digiri sifili a ma'aunin Amurka har mako guda. Idan an fito da shi, kada a buɗe ledar sai bayan kwana ɗaya, don raɓar ta taru a bayan leda, ba a kan takarda ba. Firiza tana kashe ƙwari da ƙwansu, amma fumfuna dakatar da ita kawai take yi.

Bayan nan a naɗe littafin a farin ƙyallen auduga da aka wanke, a sa a kwalin ajiya mai rubutun acid-free, a kwantar da shi. Gafakar a ajiye ta daban a gefensa. Leda ta firiza ce kawai, ba ta ajiya ba, don tana tsare danshi a ciki. Salatif da roba da manne takarda cikin leda da zafi duk ɓarna ce da ba ta gyaruwa cikin sauƙi.

Akwai inda hannunmu ya kamata ya tsaya. Idan shafuka sun manne da juna, ko tawada tana ɓarewa, ko rubutun hannu ne mai zayyana da ƙwari suka shiga, aikin gwani ne. Garin nan yana da tarihi a wannan sana'a: Don Etherington, wanda ya yi aikin ceton littattafan birnin Florence bayan ambaliyar 1966, a Greensboro ya kafa cibiyarsa ta gyaran littattafai. A shafin American Institute for Conservation na intanet kuma ana iya neman gwani mafi kusa.

Roƙona ga shugabanni shi ne ƙungiya ta sayi ma'aunin laima biyu ko uku da za a riƙa ara gida-gida kafin watan Yuni. Allah ya jiƙan waɗanda suka rubuta, ya ba mu ikon miƙa wa 'ya'yanmu.